Rera ƙidaya ko zana ɗigo: wanne zai zaunar wa yaro da bakwai sau takwas?

"Salamu alaikum. Yarona yana aji na huɗu, wato CE2, a nan Tawa. Yana rera 7, 14, 21 har 70 babu gargada, amma in na ce masa bakwai sau shida sai ya yi ta motsa baki, ƙarshe ya ce 49. Maƙwabciyata ta ce in bar rerawar, in koma zana masa ɗigo a layi-layi. Wanne ya fi, kuma yaya zan tsara masa da yamma?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki bar ko ɗaya daga cikinsu, domin aikinsu ya bambanta. Amma wannan 49 da ya faɗa ta nuna wanda yake buƙata yanzu. A jerin bakwai, 42 ce ta shida, 49 ta bakwai. Yaron ya san lambobin sarai. Abin da ya ɓace masa shi ne matsayin kowace lamba a cikin jerin: yana rerawa, bai san sau nawa ya taka ba, sai ya zarce da taki ɗaya.

Rerawa tana ba yaro lambobin kansu, a jere, cikin arha. Ba ta neman alli ko kaye, ana iya yin ta a hanyar lakwal, kuma kunne yana sabawa har yaro ya ji cewa 56 ƴar gidan bakwai ce, 54 baƙuwa ce. Ɗigo ba zai ba shi wannan da sauri haka ba. Inda take gazawa shi ne, ƙofar shigarta ɗaya ce tak, wato farko. Kin san yaron makarantar allo da za a tambaye shi aya daga tsakiyar sura, sai ya koma bisimilla ya biyo kafin ya iso ta. Haka ɗanki yake da bakwai sau shida. A jerin biyu, da biyar, da goma, wannan bai cika damu ba, don lambobin gajeru ne kuma ƙarshensu yana maimaita kansa. A jerin bakwai kuwa, baki yana fama da "ashirin da takwas, talatin da biyar", kai kuma yana ƙoƙarin riƙe taki na nawa ake, sai ɗaya ya kuɓuce.

Ɗigo shi kuma yana nuna abin da rerawa take ɓoyewa. In ya zana layi shida, kowane da ɗigo bakwai, shidan yana gabansa, bakwai ɗin ma yana gabansa, ba sai ya riƙe su a ka ba. Sannan akwai abubuwa biyu da ake yi da zane waɗanda baki ba ya iya yi: ana juya shi, ana kuma yanka shi.

Juyawar tana da sauƙi. Ki kai shi inda dattawa suke dara, ko ki tona masa ramukan a yashin tsakar gida: layi biyar na rami shida-shida. Ya tsaya ta gabas ya ga shida sau biyar, ya zagaya ta kudu ya ga biyar sau shida, ramuka dai talatin ne, babu wanda ya ƙaru. Yaron da ya tsaya ga rerawa kawai yana ɗaukar 6, 12, 18, 24, 30 da 5, 10, 15, 20, 25, 30 a matsayin waƙoƙi biyu da suka yi katarin haɗuwa. Wanda ya juya zane ya san dalili. Ribar kuma babba ce. Daga ɗaya sau ɗaya zuwa goma sau goma amsa 100 ce, amma da zarar ya yarda juyawa ba ta canza komai, sun koma 55. In kika cire jerin ɗaya, biyu, biyar da goma, waɗanda yaro ɗan CE2 yawanci ya riga ya iya, saura 21. Ki faɗa masa wannan lissafin da bakinki, domin yaran da yawa tsoron yawan abin ne yake kashe musu jiki.

Yankawar ita ce zuciyar aikin, don haka zan bi ta da ke dalla-dalla da bakwai sau takwas. Ya zana layi takwas, kowane ɗigo bakwai. A gefen dama na kowane layi ya rubuta inda ƙidaya ta kai: 7 a na farko, 14 a na biyu, haka har ƙasa, yana rerawa yana rubutawa. Nan rerawa da zane suka haɗu, kowace lamba ta sami layinta. Sai ki ja dogon zane a kwance ƙarƙashin layi na biyar. Sama akwai bakwai sau biyar, ƙasa bakwai sau uku. Ki rufe lambobin gefe da hannunki ki tambaye shi na sama nawa ne. Nan kuɗinmu yana taimakawa: dala tamma biyar ce, yaron da ake aika shago ya san dala biyar ita ce 25, dala goma 50, dala ashirin 100. In kika ce masa dala bakwai, ki sa ya faɗi abin da za a rubuta a takarda, zai kai 35. Na ƙasa 21, wannan kuma yana kusa da bakin jerin, ba ya ɓata. Ya haɗa 35 da 21, ya sami 56. Ki lura bai taka sau takwas ba. Ya tashi daga biyar, inda ƙafarsa take da ƙarfi. Bakwai sau shida da ya kayar da shi ma haka: 35 da layi ɗaya, 42.

Da wannan yanka na biyar kaɗai za ki warware guda shidan da suka fi wahalar da yara: 36, 42, 48, 49, 56 da 64, wato shida, bakwai da takwas in suka haɗu da junansu. Tara kuwa ta sama ake yanko ta. Ya zana layi goma na bakwai, 70 ke nan, ya rufe layin ƙarshe da tafin hannu, saura 63.

Sai dai ɗigo ma yana da ramin da yara suke faɗawa, kuma maƙwabciyarki ba lallai ta ambata ba. Yaro yana iya zana ɗigo 56 tsaf, sannan ya bi su ɗaya-ɗaya da kan alli. Wannan ƙidaya ce ta ɗan CI, wato aji na ɗaya, ninkawa ba ta shiga ba, ga cin lokaci. Dokar ita ce, yatsa yana share layi gaba ɗaya, baki ya faɗi lamba ɗaya. In layukan suna karkacewa har wani ya zo da shida wani da takwas, ki ba shi kayensa mai gida-gida, ɗigo ɗaya a kowane gida. Kuma kada ki sa shi zana sabon jeri don kowace tambaya. Ki yi zane ɗaya na goma da goma a kan kwali, da ɗan fili bayan layi na biyar ta kowane gefe, ya riƙa rufe abin da ba a buƙata da takarda biyu, ɗaya ta ƙasa, ɗaya ta dama.

Amsar da ba daidai ba tana faɗa miki wace hanya ce ta karye, don haka ki saurare ta kafin ki gyara. A bakwai sau shida, in ya ce 35 ko 49, taki ya ɓace masa a rerawa, sai a koma layuka masu lamba a gefe. In ya ce 41 ko 43, ɗigo yake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, ko a allo ko a cikin kansa. In ya ce 48, haddar ce ta cakuɗe da ta shida sau takwas, sai ki zana su biyun kusa da juna ya ga bambancinsu ɗigo shida ne. Wadda ta fi damuna ita ce 13. Wanda ya ce 13 tarawa ya yi, bai gane ma'anar "sau" ba tukuna, kuma irin wannan yaron a ajiye masa rerawa gaba ɗaya na ƴan kwanaki, a zauna da tsakuwa da layuka.

Ga yadda zan so ki raba minti goma sha biyar da yamma, jeri ɗaya a mako. Minti uku na farko rerawa, amma da yatsu: kowace lamba yatsa ɗaya, in hannun farko ya cika a 35 ya tsaya ya yi tafi, sannan ya ci gaba da ɗaya hannun, 42, 49, 56, 63, 70. Bayan kwana biyu ki riƙa sa shi ya fara daga 35, wani lokaci kuma ya sauko daga 70. Minti bakwai na tsakiya na zane ne, kuma tambaya biyu ko uku sun isa, ya yanka su ya yi miki bayani da bakinsa. Minti biyar na ƙarshe su ne iyaye suka fi tsallakewa, alhali su ne irin abin da mushe, wato malaminsu, yake yi a aji, lokacin da yake faɗin lissafi, ya buga tebur, yara su ɗaga allunansu. Ki tambaye shi a hargitse, kwali a kife: bakwai sau takwas, bakwai sau uku, shida sau bakwai, ki cusa biyu daga jerin makon jiya. In ya amsa kafin ki ƙirga uku a zuci, ta zauna. In leɓensa ya fara motsi, kada ki faɗa masa amsar, ki ce masa "tashi daga biyar". Waɗanda suka ƙi, su ne na zanen gobe.

Batun harshe kuma, bayanin zane ki yi shi da Hausa, ya faɗa miki da Hausa, don a nan za ki ji ko ya gane. Rerawa da tambayoyin ƙarshe a yi su da Faransanci ma, tunda da shi za a tambaye shi a aji. Ki sa ido in kun iso jerin takwas da tara, domin Faransanci yana kiran 72 sittin da goma sha biyu, 81 kuma ashirin huɗu da ɗaya. Yaro yakan san amsar, amma ya rubuta 62 ko 612 saboda abin da kunnensa ya fara ji. Daga 70 zuwa sama, kada ki karɓi amsa da baki kawai, ya rubuta ta a allo ki gani.