Wata goma sha huɗu ina sayar da bashin da nake bi: sharhina kan faktorin

Ƙaramin kamfani nake da shi na yin kwalayen zuba kaya, kuma yawancin masu sayen kayana manyan kamfanoni ne da ba sa biya sai bayan kwana 60. Ni kuwa mai sayar mini da takarda yana son kuɗinsa cikin kwana 14, ma'aikata kuma ba ruwansu da wanda bai biya ni ba idan wata ya ƙare. A littafi ina da riba, a asusu babu abin da zan taɓa. Wannan ne ya kai ni wurin kamfanin faktorin, wato masu sayen takardun neman biya, inbois, su ba ka kuɗi yanzu, su kuma su jira mai bashin ya biya su. Na yi wata goma sha huɗu tare da su. Ba zan ambaci sunansu ba, domin abin da na gani bai sha bamban da yadda sana'ar take ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba ni suka fi bincika ba. Banki ya taɓa hana ni rance saboda ba ni da kadarar da zan jinginar. Su waɗannan kuwa sun fi damuwa da masu sayen kayana: su wane ne, yaushe suka saba biya, sun taɓa kasawa ko a'a. Sun karɓi takardun rajista da jerin basussukan da nake bi gwargwadon daɗewarsu, suka yanka wa kowane mai saye iyakar bashin da za su ɗauka a kansa. Buɗe asusun ya ci kusan mako biyu. Bayan nan, idan na kai kaya na aika musu da inbois tare da takardar shaidar karɓar kaya mai sa hannu, sai su tuntuɓi mai sayen su tabbatar ya karɓa kuma ba shi da ƙorafi, kuɗi su shigo cikin kwana ɗaya ko biyu. A wajen sauri ban taɓa kama su da laifi ba.

Tsadar ce ba ta fitowa fili sai ka zauna da biro. Bari in ɗauki inbois guda in bi shi daga farko har ƙarshe. Na daidaita adadin zuwa 1,000,000 don lissafi ya yi sauƙi, ko da wane irin kuɗi mutum yake ciniki. Yarjejeniyarmu ta ce za su ba ni kashi 80 cikin ɗari nan take, wato 800,000. Ragowar 200,000 suna riƙe da ita a matsayin ajiya har sai mai sayen ya biya. Ladansu kashi 2 cikin ɗari ne a kowane kwana 30. Da na ji "kashi biyu" na ce ai wannan ba komai ba ne.

Abu biyu ne ban lura da su ba ranar sa hannu. Na farko, ana cire kashi biyun ne daga jimillar inbois ɗin, 1,000,000, alhali 800,000 ne kawai suka shigo hannuna. Ina biyan lada har a kan kuɗin da suke riƙe da shi. Na biyu, bayan kalmomin "kwana 30" akwai ƙarin 'yan kalmomi: "ko wani ɓangare nasu". Ma'anarsa, kwana ɗaya ya shiga cikin sabon zango, an caje ka zangon gaba ɗaya.

Mai sayen nan ya biya kwana 64 bayan an ba ni kuɗin. Bai yi wani mugun jinkiri ba, ofishin biyansu ne ke fitar da kuɗi sau ɗaya a mako. Amma waɗannan kwana huɗu sun jefa ni zango na uku. Maimakon 40,000 sai lada ya zama 60,000, aka cire daga ajiyar aka turo mini 140,000. Jimillar abin da na samu 940,000.

Idan kana son ka gwada wannan da rancen banki, dole ka mayar da shi lissafin shekara. Na biya 60,000 don in riƙe 800,000 na kwana 64, wato kashi 7.5 cikin ɗari. Kwana 64 suna shiga shekara sau biyar da ɗoriya, don haka abin ya kai kusan kashi 43 cikin ɗari a shekara. Ko da a ce mai sayen ya biya daidai ranar 60, kusan kashi 30 ne. Duk wannan daga abin da aka kira mini "kashi biyu". Ban ce sun yi mini ƙarya ba, komai yana rubuce. Ni ne na karanta lambar ban karanta jimlar da take ciki ba.

Sai dai ni ma'aunin da ya fi yi mini amfani ba na shekara ba ne, na riba ne. A wancan aiki ribata wajen 150,000 ce. Ladan faktorin ya ci 60,000, wato kashi 40 cikin ɗari na ribar. Tambayar da ta rage ita ce me na yi da 800,000 ɗin a cikin wata biyun nan. A lokacin na sayi takarda na yi wani aikin da ba don kuɗin ba da na mayar da shi, kuma ribarsa ta fi 60,000 nesa ba kusa ba. A irin wannan hali cinikin ya biya. Akwai watannin da na sayar da inbois don kawai in toshe ramin albashi, babu sabon aiki a gabana. Waɗannan watanni asara ce tsagwaronta, kuma sai da na yi wajen rabin shekara kafin na fara bambanta su da na farko.

Inda na sha wuya sosai shi ne sharaɗin komawa kaina. Faktorin iri biyu ne. A ɗaya, idan mai saye bai biya ba cikin wa'adi, bashin ya dawo wuyanka. A ɗayan, mai faktorin ne ke ɗaukar asarar, ladansa kuma ya fi tsada. Nawa irin na farko ne, wa'adinsa kwana 90. Wani mai saye ya karɓi kwalaye na 400,000, aka tabbatar, aka ba ni 320,000. Bayan mako uku ya ce wani sashe ya jiƙe a hanya, ba zai biya ko kaɗan ba sai an sasanta. Muna ta kai da kawo har kwana 90 suka cika. Kamfanin faktorin bai kira ni ya ce in kawo kuɗi ba. Kawai ya cire 320,000 da ladan zango uku, 24,000, daga ajiyar sauran inbois ɗina da kuɗin da nake jira a makon. Ranar da nake sa ran biyan mai takarda na buɗe asusu na tarar da abin da bai kai rabi ba. Suna da ikon yin haka, domin yarjejeniyar ta haɗe dukkan ajiyoyina wuri guda a matsayin jingina ga kowane inbois.

Da zafin abin na tambayi jami'ar da ke kula da asusuna ko in koma ɗaya irin. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ko da shi kake da shi, wannan ba zai shiga ciki ba. Abin da muke ɗauka shi ne mai saye ya karye ya kasa biya. Rigima a kan kaya taka ce." Na ji daɗin gaskiyar da ta faɗa mini, don da na ƙara kuɗi a kan kariyar da ba ta rufe matsalata ba. A sana'ata kamfanoni ba su cika karyewa ba, ƙorafin kaya kuwa kullum ne.

Akwai kuma batun masu sayen kansu. Ana aika wa kowannensu takardar sanarwa cewa daga yanzu asusun mai faktorin za su riƙa biya. Manyan kamfanoni sun saba, ko gezau. Wani matsakaici ne ya kira ni a ɓoye yana tambaya ko lafiya, ko kamfanin na shirin rufewa ne. Wani kuma ya manta ya biya cikin tsohon asusuna. Wannan kuɗi ba nawa ba ne ko da yana hannuna, dole in tura shi cikin 'yan kwanakin da aka ƙayyade, in ba haka ba akwai tara, kuma agogon lada bai tsaya ba sai kuɗin sun isa wurinsu. Ta fuskar bin bashi dai sun rage mini wahala. Suna tunatarwa cikin ladabi, kuma masu saye sun fi jin nauyinsu fiye da nawa.

Ƙananan caje-caje suna nan, na tura kuɗi da na binciken sabon mai saye, amma ba su ne suka dame ni ba. Wanda ya ɗaure ni shi ne mafi ƙarancin ciniki na wata: ko ban sayar musu da inbois da yawa ba, akwai ladan da dole in biya. Wannan ya sa na riƙa kai musu takardun da ba na bukatar kuɗinsu da gaggawa, don kada in biya a banza. Fita ma sai da sanarwar kwana 90 kafin shekarar yarjejeniya ta cika, in ka kuskure ta sabunta kanta.

Abin da ya sa na rage dogaro da su ya zo ne daga wurin da ban zata ba. Na tambayi babban mai sayen kayana ko zai biya cikin kwana 10 idan na rage masa kashi 2 cikin ɗari. Ya yarda nan take. A inbois na 1,000,000 wannan 20,000 ne, ina karɓar 980,000 gaba ɗaya, babu ajiya, babu bashin da zai dawo wuyana. A lissafin shekara bai wuce kashi 15 ba. Ba kowa ya yarda ba, wasu tsarin biyansu ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan, kuma saboda su ne ban rufe asusun faktorin ba.

Da lokacin sabuntawa ya zo na nemi abu uku. Sun yarda a riƙa lissafa lada kullum maimakon zangon kwana 30, sun kuma cire mafi ƙarancin ciniki, amma a madadinsa suka ɗan ɗaga farashin. Haɗe ajiyoyin kuwa sun ce ba za su taɓa ba. Yanzu abin da nake kai wa kamfanin faktorin shi ne inbois ɗin masu saye biyu kawai, waɗanda ba su taɓa mayar mini da kwali ko ɗaya ba, kuma sai idan akwai odar da ke jiran takarda.