Waya ta iso da fasasshen sikirin: yadda ake rubuta koke a Birtaniya, da abin da muke sakaci da shi a Sakkwato

'Yan uwa na gida, ina gaisuwa. Wani ɗalibi ɗan Mabera da ke karatu a nan Birmingham ya sayi sabuwar waya ta intanet a kan fam 420. Ranar Talata aka kawo ta, ya buɗe kwali ya tarar da tsaga ta ratsa sikirin daga kusurwar hagu ta ƙasa har tsakiya. Bai yi faɗa da kowa ba, bai nemi wani babba ya sa baki ba. Imel biyu ya rubuta, ya haɗa da hotuna, kuɗinsa suka koma katinsa ba a cire ko kwabo ba. Duk wanda ya taɓa karɓar saƙo a babbar tashar Sakkwato ya ga ɓarna ya san dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai. Ina so in warware yadda aka yi, domin rabin aikin ba ya buƙatar dokar Turawa, hankali kawai yake so.

Aikin yana farawa tun kafin a yanke salatif. Yaron ya ɗauki hoton kwalin waje ta kowane ɓangare, ya matsa kusa da kusurwar da ta lotsa, sannan ya ɗauki takardar da aka manna mai ɗauke da sunansa da lambar bin sawun kaya. Daga nan ya jingine wata waya ya kunna bidiyo, ya buɗe kwalin a gabanta ba tare da yanke ɗaukar ba. Wannan bidiyon ne ke amsa zargin da kowane mai sayarwa zai fara yi a ransa, wato a hannunka ta faɗi. Ya kuma ɗauki cikin kwalin, inda aka ga kwalin wayar yana yawo, babu soso babu ledar iska, sai takarda guda da aka cusa. Hoton nan ya fi hoton tsagar nauyi, don shi ya nuna inda laifin ya taso.

Ɗaukar tsagar kanta yana da dabara. Gilashi yana mayar da haske, in ka kunna fitilar kyamara sai farin tabo ya rufe abin da kake son nunawa. A kashe wayar, a ajiye ta kusa da taga, a karkata ta kaɗan har hasken ya bi layin tsagar, sai a ɗauka. A ɗauki ɗaya daga nesa wanda ya nuna wayar gaba ɗaya kusa da kwalinta, ɗaya kuma daga kusa. Bayan haka a kunna ta a ɗauki sikirin yana haske, saboda a nan ake gane zurfin ɓarnar. In gilashin sama kaɗai ya tsage, hoto zai fito tas a ƙarƙashinsa. In ta kai ciki, za a ga baƙin tabo kamar tawada ta zube, ko layuka kore da shunayya, ko wani yanki da ba ya jin taɓawa. Siffar tsagar ma tana magana. Wadda ta taso daga wuri guda ta bazu ta ko'ina bugu ne ya jawo ta, ita kuwa doguwa guda ɗaya da ba ta da wurin bugu yawanci danni ne, an ɗora nauyi a kan kaya. Kada a ɓare ledar da masana'anta suka manna a fuskar wayar, domin tsaga a ƙarƙashin leda lafiyayya shaida ce mai ƙarfi.

Sai lambar IMEI, lambobi 15 da kowace waya ke da nata. Tana jikin kwali, kuma tana fitowa a sikirin in aka danna wannan a wurin kira:

```
*#06#
```

Hoto guda da ya haɗa lambar sikirin da ta kwali da tsagar yana toshe zancen cewa wata tsohuwar waya ka ɗauka. Da an gama wannan a kashe ta a mayar kwali. Kada a sa layi, kada a shigar da asusu, kada a ce bari in ɗan yi amfani da ita kafin su amsa. Kuma don Allah kada a kai wa mai gyara ya duba, domin da zarar an kwance ta hujja ta lalace.

Wasiƙar gajera ce, ba ta kai shafi ba. A kanta ya sa lambar oda da kalmomin da ke nuna waya ta iso a fashe. Ga ma'anar abin da ya rubuta: "Na sayi waya iri kaza a wurinku a kan fam 420, lambar oda kaza, IMEI kaza. An kawo ta ranar Talata da rana, na buɗe a ranar na tarar da sikirin a tsage daga kusurwar hagu ta ƙasa, da baƙin tabo a wurin. Kwalin waje ya lotsa a wannan kusurwar, kuma babu abin kariya a ciki. Hotuna da bidiyon buɗewa suna haɗe, na sa wa kowanne lamba. Ban yi amfani da wayar ba. Na ƙi karɓar wannan kaya bisa dokar haƙƙin mai saye ta 2015, ina neman a mayar mini da kuɗina duka, ku aiko da takardar mayarwa da kuka biya kuɗinta. Ina jiran amsa cikin kwana bakwai." Babu zagi, babu labarin yadda ya tara kuɗin, babu Allah ya isa. Abu ɗaya ya nema, ya kuma faɗi sunansa.

Jimlar nan ta "na ƙi karɓa" ita ce zuciyar wasiƙar, kuma a nan baƙi da yawa ke tafka asara. A Birtaniya ƙofa biyu ce ta mayar da kayan intanet. Ta farko dokar 2013 ce, wadda ta ba ka kwana 14 ka fasa ciniki ko da kayan lafiya lau suke. Sai dai ta wannan ƙofar ana iya ɗora maka kuɗin aikawa, kuma mai kaya na iya rage kuɗi in ya ce ka rage wa kayan daraja. Ka ga waya mai tsaga in ta shiga ta nan, an ba shi damar cewa kai ka fasa. Ta biyu ita ce dokar 2015, wadda ta ba da kwana 30 a ƙi kayan da suka zo da aibi, a karɓi kuɗi cikakku. A nan mai sayarwa ne ke ɗaukar kuɗin mayarwa, kuma dole ya biya cikin kwana 14 daga ranar da ya amince, ta hanyar da aka biya shi. Amma a wannan ƙofar kai ne za ka nuna cewa da aibin kayan suka zo, shi ya sa hotunan suke da wannan daraja. In shafin kamfani ya tambayi dalilin mayarwa, a zaɓi cewa kaya sun iso a lalace, kada a zaɓi na fasa.

Amsarsu ta farko ita ce wadda aka saba ji ko'ina a duniya: kaya sun bar wurinmu lafiya, ka nemi kamfanin da ya kawo. Imel na biyu layi uku ne. Ya tuna musu cewa doka ta ce kaya suna wuyan mai sayarwa har sai sun shiga hannun mai saye ko wanda ya wakilta, kuma su suka ɗauki masinjan, ba shi ba. Ya ƙara da cewa in ba a warware ba zai kai maganar ga bankinsa. Ba barazanar banza ba ce. Wanda ya biya da katin bashi kayan da suka haura fam 100 har zuwa fam 30,000, sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya sa banki ya zama abokin alhakin mai sayarwa. Mai katin cirar kuɗi kuma yana iya neman banki ya janyo kuɗin, yawanci cikin kwana 120. Sai ga takardar mayarwa ta iso. Ya ɗauki hoton wayar a cikin kwali kafin ya rufe, ya adana rasit ɗin gidan waya.

Kada a ɗauka nan aljanna ce. Ka nemi mutum ka yi magana da shi ka rasa, sai fom bayan fom, kuma kariyar nan ba ta cika aiki ba in daga hannun wani mutum ka saya, ba ɗan kasuwa ba. Wani lokaci nakan yi kewar ɗan kasuwar gida da za ka zauna a bencinsa, a gaisa, a tambayi iyali, maƙwabcin shago ya sa baki a sasanta kafin la'asar. Wannan mutuncin babu shi a nan ko na sisi.

Amma mutuncin yana aiki ne in kun san juna, mu kuwa yanzu daga baƙi muke saye. Mutum zai ga waya a Instagram, ya yi tiransifa zuwa asusun wani da bai taɓa gani ba a Ikeja ko Kano, a ba direba ta kwana a hanya tsakanin buhuna, yaro ya je tasha ya karɓo, a buɗe bayan isha'i babu wanda ya ɗauki hoto. Da an ga tsaga sai a hau tura saƙon murya na minti biyar cike da rantsuwa, ko kuma a ce ƙaddara ce a yi shiru. Wallahi wannan shirun yana ba ni haushi. Yarda da ƙaddara ba ta hana neman haƙƙi ba, kuma mu da muka tashi a garin malamai mun san shari'a ta ba mai saye zaɓin mayar da kaya in ya ga aibi. Ita ma Najeriya tana da dokar kare masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC mai karɓar koke ta intanet, amma hukuma ba za ta yi aiki da "wallahi haka na gan ta" ba.

Don haka kafin ka tura kuɗi, ka sa mai sayarwa ya turo bidiyon wayar a kunne da IMEI ɗinta, ya kuma rubuta, ba da murya ba, wa ke da alhaki in ta fashe a hanya. In kai ka zaɓi direban, ka sani ka ɗauki kaso mai yawa na haɗarin, ko a Birtaniya ma haka dokar take. Ka je tasha da kanka, ka buɗe a gaban wanda ya miƙa maka, bidiyo na ɗauka, takardar webil tana cikin hoton. In da ɓarna, ka rubuta a ranar, da rasit ɗin tiransifa da abin da kake nema da wa'adi. Hotunan kuma ka tura su a matsayin fayil ta wurin da aka rubuta Document a WhatsApp, domin turawar da aka saba tana matse hoto har siririyar tsaga ta ɓace, tana kuma goge bayanan ranar da aka ɗauka. Na asali ka bar su a wayarka, kada ka yanke, kada ka zana musu da'ira, in kana son nuna wurin ka yi a kan kwafi.