Wata huɗu da manhajar lissafin shago: yadda na koyi karanta hoton rahoton dare

Shagon kayan masarufi ne a unguwar Yalwa, nan Garwa. Na karɓe shi daga hannun yayata da ta koma Ngaundare, tare da kantocinsa, da tabalet ɗin da ake buga ciniki a kansa, da ƙaramar na'urar fitar da rasit. Ni ina da wani aikin da rana, saboda haka ɗanta ne ke tsare shagon, kullum da dare ya ɗauki hoton allon rahoton ranar ya turo mini ta WhatsApp. A kan wannan rahoton nake son yin sharhi, domin shi ne kaɗai abin da nake gani na dukiyata daga safe zuwa dare.

Manhajar da Faransanci take, kuma duk wanda ya tsara ta ya ɗauka mai karantawa ya riga ya san lissafin kanti. A makonnin farko lamba ɗaya kawai nake dubawa, wadda ke can sama da manyan haruffa. In ta yi yawa in yi hamdala, in ta yi kaɗan in kwana ina juyi. Ashe wannan lambar ce ta fi kowace nisa da kuɗin da ke cikin durowa.

Ga hoton da ya sa na zauna na koya, na wata ranar Asabar:

```
Ventes brutes      186 500
Remises              4 500
Retours             13 500
Ventes nettes      168 500
Espèces            103 500
Mobile Money        41 000
Crédit client       24 000
Fond de caisse      15 000
Sorties de caisse    6 000
Écart de caisse    +13 500
```

Layin farko, Ventes brutes, shi ne farashin duk kayan da aka buga kafin a cire komai. Daga cikinsa ake fitar da ragin da aka yi wa masu saye, wato Remises, da kuma kuɗin kayan da aka dawo da su, wato Retours. Sefa 186,500 a cire 4,500, a cire 13,500, saura 168,500. Wannan ne Ventes nettes, cinikin gaskiya na ranar. Amma shi ma ba kuɗin hannu ba ne, don layuka uku da ke ƙasansa suna raba shi ne bisa yadda aka biya: tsabar kuɗi, da abin da ya shigo ta waya, ko Orange Money ko na MTN, da kuma bashi. In ka haɗa ukun dole su ba ka 168,500 cif. Wannan haɗin shi ne abu na farko da nake yi yanzu, minti ɗaya bai kai ba. Sefa 24,000 na bashi kuwa, manhajar tana ƙirga shi a matsayin ciniki, alhali kaya ne suka fita ba a ga ko dala ba. A ganina bai kamata a rubuta shi da launi ɗaya da sauran ba.

Abin da ya kamata a tarar a durowa lissafinsa daban ne. Ana farawa da canjin da aka bar wa shago da safe, sefa 15,000, a ƙara tsabar kuɗin ciniki 103,500, a cire abin da aka ɗauka daga durowa aka kashe, a ranar 6,000 ne na 'yan dako da ledoji. Ya kama 112,500. Yaron kuma ya ƙirga ya sami 126,000. Rarar 13,500 ke nan, ita ce ke layin ƙarshe da alamar ƙari.

Gaskiya da na gani murna na yi. Sai da na kwanta abin ya fara damuna: kuɗi ba sa haihuwa a durowa, kuma rarar ta yi daidai da layin Retours, babu ƙari babu ragi. Na kira shi.

Na ce, "Me aka dawo da shi yau?"

Ya ce, "Kawu, buhun shinkafa ne mai kilo 25. Mai abincin nan ta bakin titi ce ta dawo da shi, ta ce gindinsa ya jiƙe."

"Ka ba ta kuɗinta?"

"Wane kuɗi, Kawu? Ai bashi ta ɗauka ranar Laraba."

Nan zancen ya fito. Idan za a karɓi kayan da aka dawo da su, manhajar tana tambayar ta wace hanya za a mayar da kuɗin, kuma zaɓin da ke danne tun farko shi ne Espèces. Yaron ya wuce bai sauya ba. Sai na'urar ta ɗauka sefa 13,500 sun fita daga durowa, ta rage su daga tsabar kuɗin ranar, alhali ko sisi bai fita ba. Tsabar kuɗin gaskiya 117,000 ne, shi ya sa durowa ta ba da 126,000. Ɓarnar ba a nan ta tsaya ba: bashin matar bai sauka ba. Da na yi shiru na ji daɗin rarar, da ƙarshen wata za mu je mu tambayi baiwar Allah kuɗin buhun da ta riga ta dawo mana da shi, da rasit a hannunmu muna rantsuwa. Wannan zaɓi da aka danne tun farko shi ne babban aibin manhajar a wurina. Ta san an sayar da buhun bashi, tunda lambar rasit ɗin Laraba aka buga, me zai hana ta mayar da shi ta hanyar da ya fita?

Daga ranar na daina ɗaukar rara a matsayin alheri. Giɓin sefa 50 ko 150 ba na magana a kansa, kowa ya san wahalar ƙananan canji a ƙasar nan, wani lokaci a bar wa mai saye, wani lokaci shi ya bar mana. Amma in bambancin ya yi daidai da farashin wani kaya, ko da wani layi na rahoton, to maɓalli aka danna ba daidai ba, ko an sayar ba a buga ba.

Wannan buhun dai shi ya koya mini sashen kaya. A hoto na biyu, layin shinkafa ya nuna an wayi gari da buhu 22, an sayar da 5, an dawo da 1, Stock théorique ya zama 18. Washegari na je na ƙirga da hannuna, 18 ɗin ne. Sai dai ɗaya daga ciki shi ne jiƙaƙƙen, wanda ba mai saye da cikakken farashi. Manhajar duk abin da aka dawo da shi sai ta mayar da shi cikin kayan sayarwa, ba ta tambayar lafiyarsa. Sai da muka shiga wani sashe daban muka fitar da shi a matsayin asara, lambar ta koma 17, daga baya muka farke shi muka auna mai kyaun da kwano. Kalmar théorique ɗin nan ita ce ya kamata sabon mai shago ya riƙe: na'urar ba ta ƙirga komai, lissafi take yi daga abin da aka gaya mata. Na taɓa ganin sabulu ya nuna −7, wai muna da ƙasa da babu. Dalili kawai an sauke katan biyu da rana ba a shigar ba, aka ci gaba da sayarwa. Yanzu kowace Juma'a da safe muna ƙirga kaya biyar masu tsada da hannu, shinkafa, sukari, man girki, madara da fulawa, mu gwada da allo. Dukan shagon kuwa sau ɗaya a wata.

Layin ragi shi ne wanda na fi raina wa da farko. Sefa 4,500 cikin 186,500 bai kai uku cikin ɗari ba, sai na ga ba komai. Kuskurena shi ne auna ragi da ciniki maimakon in auna shi da riba. Buhun shinkafar nan 12,600 nake saro shi, in sayar 13,500, ribarsa 900. Idan yaro ya rage wa mutum 500 don an saba, fiye da rabin ribar ta tafi. Kuma akwai ragin da ba ya fitowa a layin ma sam: manhajar tana barin mai sayarwa ya goge farashi ya rubuta wani da hannu, wannan kuwa kai tsaye yake shiga Ventes brutes a rage, layin Remises bai san an yi ba. Ba na zargin yaron da komai, hanyar ce ta fi masa sauri idan mutane sun yi layi. Akwai wurin kulle sauya farashi da lambar sirri, amma an binne shi can cikin saituna, kuma wanda ya haɗa mana na'urar bai taɓa ambata shi ba. Da na kulle, layin ragi ya kusan ninka kansa a mako na farko. Ragin bai ƙaru ba, fitowa fili ya yi.

Saura maganar hoton kansa. Rahoto iri biyu ne, kuma a ido kamarsu ɗaya. Rapport X ana iya fitar da shi kowane lokaci, leƙe ne kawai, ba ya rufe ranar. Rapport Z shi ke rufe ciniki, ya mayar da lissafi sifili, kuma yana da lamba mai bin ta jiya. Kusan mako uku yaron yana turo mini X da ya ɗauka bayan magariba don kada ya manta, shago kuma sai ƙarfe tara yake rufewa. Cinikin awa biyu da wani abu ba ya cikin hotunan da nake gani, kuma da yake yana yanke saman hoton don lambobin su fito da girma, ban ga harafin ba, ban ga lokacin ba. Ƙa'idata yanzu ita ce hoto ya fito da kansa da ƙafarsa: harafin Z, lambarsa, kwanan wata da lokaci. In jiya 112 ce, yau 113 nake jira. In na ga 114, an rufe sau biyu, akwai rahoto ɗaya da ban gani ba.

Wanda ya haɗa na'urar ya kuma bar harajin TVA na kashi 19.25 a kunne, shagona kuwa bai kai matsayin masu karɓarsa ba. Sai wani layi mai suna HT ya riƙa fitowa da lamba ƙarama, na ɗauka ribata ce. Ba ita ba ce, ciniki ne da aka cire masa haraji. Na sa an kashe shi.

Abin da zan yaba mata shi ne tana aiki ko babu intanet, batirin tabalet kuma yana riƙe yini in wuta ta ɗauke, kuma ban taɓa kama ta da kuskuren tarawa ko cirewa ba. Rasit ɗin takarda dai kada a dogara da shi, zafin Garwa na watan Maris da Afrilu yana goge rubutun irin wannan takardar cikin 'yan makonni, shi ya sa nake adana hotunan. Zan ci gaba da amfani da ita, kuma zan iya ba maƙwabci shawarar ya saya, da sharaɗin ya sa mai haɗawa ya kulle farashi tun ranar farko, ya kuma tsaya a gabansa ya gwada dawo da kayan bashi sau ɗaya kafin ya biya shi kuɗin aikinsa.