Na sayi Poco F3, aka kawo min Redmi K40

Da na buɗe kwalin nan sai da gabana ya faɗi. Poco F3 ta hannu na yi oda, amma ga Redmi ɓaro-ɓaro a bayan wayar, in ka shiga saitinta kuma K40 take nunawa. Nan take na tura wa mai sayarwar saƙo mai zafi. Amsarsa ita ce wai duk ɗaya ne, ba wani bayani, abin da ya ƙara tunzura ni ke nan.

Ƙanena da ke taɓa gyaran waya ya ce, "Yaya, bari mu tambayi wayar da kanta." Ya kunna USB debugging, saitin da ke ba kwamfuta damar magana da waya, ya jona ta da kwamfuta, ya rubuta:

```
adb shell getprop ro.product.device
```

Kalma ɗaya ta fito: alioth. Ashe wannan ne sunan da injiniyoyin Xiaomi suka raɗa wa aikin a cikin gida, kuma shi manhajar wayar ta sani. Sunan kan kwali na masu talla ne, yana canzawa da kasuwa. Waya ɗaya ce ta 2021 mai Snapdragon 870, aka sayar da ita a China da sunan Redmi K40, a Indiya Mi 11X, sauran ƙasashe Poco F3. Na ji kunyar saƙon da na tura, gaskiya. Gilashin kariyar F3 da na riga na saya ya zauna mata daram, sauri kuma ba a magana.

Sai dai murnar ba ta kwana ba. Washegari na nemi Play Store na rasa, manhajojin da na tarar a ciki galibi da rubutun China. Sunan cikin gida zai gaya maka irin injin, amma ba lallai ya gaya maka ƙasar da aka yi wa wayar ba. Wannan sai lambar samfur, tawa M2012K11AC ce, ta China, alhali wadda na biya kuɗinta da AG take ƙarewa. To ina duk ɗayan? Layi guda a tallarsa da ya wadatar, amma ya yi gum, yini guda ya tafi wajen gyara abin da ban ɓata ba.

Wajen neman wata babbar manhajar da zan sauya ta China da ita ma saura ƙiris in tafka kuskure. Na ga fayil an rubuta K40 Pro, na ce ai 'yan gida ɗaya ne. Ƙanena ya ƙwace linzamin, ya nuna min haydn a jikin sunan fayil ɗin. Sunan cikin gida na wata waya ce daban, ɗora manhajarta na iya hana tawa tashi. Sunayen talla sun kusa zama ɗaya, na ciki kuwa ko kama ba su yi ba.

Wayar na ba ta tauraro huɗu. Mai sayarwar biyu, shi ma don ta iso ba ko ƙwarzane.