Kafin ka biya kuɗin fassarar bidiyo: wace hanya, kuma wane irin rubutu take buƙata?

Ƙungiyoyi da kamfanoni da yawa suna shirya bidiyo da Turanci, su gama ɗauka, su gama tacewa, sannan su tuna cewa mutanen da ake son saƙon ya kai wa Hausa suke ji. Sai a kwashi aikin a kai situdiyo a ce a ɗora murya. A nan ne ake gano cewa maganar ba ta shiga. Mai ɗora murya yana ta sauri kamar ana kora shi, ko kuma hoto ya wuce magana tana biye a baya. Matsalar ta samo asali ne tun ranar da aka zauna rubutu, domin ba a yanke shawarar yadda za a fassara ba, balle a bar wa fassarar wuri.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Bidiyo ne na minti ɗaya a kan gudawar yara, ma'aikaciyar lafiya tana nuna wa uwa yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, irin ƙullin da ake zubawa a lita ɗaya. Ga layi ɗaya yadda yake a takardar aiki:

```
00:00:21:00 - 00:00:24:00
Mix one sachet in one litre of clean water.
```

Daƙiƙa uku aka ba layin, kuma gaɓa 12 ne a cikinsa, wato gaɓa huɗu a kowace daƙiƙa, irin maganar da ake yi a natse. Da Hausa sai a ce: "Ki zuba ƙulli ɗaya a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta." Idan ka ƙirga kalmomi, tara sun koma 12. Idan ka ƙirga haruffa tare da tazarar da ke tsakanin kalmomi, 42 sun koma 55. Amma idan ka ƙirga gaɓoɓi, 12 sun koma 20, kuma gaɓa ce take cin lokaci a baki. Da wannan natsuwar, layin Hausa yana buƙatar daƙiƙa biyar. Dalilin kuwa shi ne Turanci yana da tarin kalmomi masu gaɓa ɗaya, Hausa kuma yawancin kalmominta gaɓa biyu ne ko uku. Don haka duk wanda ya auna maka tsawon fassara da yawan kalmomi, bai auna abin da ya shafi murya ba.

Hanyoyin fassarar bidiyo huɗu ne. Ta farko, wadda ta fi araha, ita ce rubutun ƙasan allo. Ba a taɓa sauti, kuma gyara kuskure ba ya ɗaukar lokaci. Ƙa'idar da Netflix ke aiki da ita, wadda situdiyo da dama suke kwaikwaya, ita ce layi biyu a lokaci guda, kowane layi kada ya wuce haruffa 42, kada rubutu ya zauna fiye da daƙiƙa bakwai, a kuma ƙiyasta cewa babban mutum yana karanta haruffa 17 zuwa 20 a daƙiƙa. Jimlarmu ta haruffa 55 za ta shiga layi biyu, ta ci daƙiƙa uku da 'yan kai, kusan daidai. Sai dai wannan lissafi na mai saurin karatu ne. Uwar da aka yi bidiyon dominta wataƙila ajami ta fi sabawa da shi, ko tana kallo a ƙaramar waya ga yaro a cinya. Wannan hanya ta dace da taron bita ko masu kallo 'yan boko. Idan ita ka zaɓa, ka nemi a nuna maka ɓ da ɗ da ƙ sun fito daidai a kan waya kafin ka biya, kuma tun wajen ɗauka a bar ƙasan hoto babu wani rubutu.

Ta biyu ita ce irin wadda ake ji a labarai: a rage muryar mai magana, a ɗora ta mai fassara a sama. Ana barin muryar asali ta fara da daƙiƙa ɗaya ko biyu, fassara ta shigo, ta ƙare kafin mai maganar ya rufe baki. Tana da kyau ga hira da shaidar wanda abu ya faru da shi, inda ake son mai kallo ya ji cewa mutumin gaske ne ya yi magana. Amma ka lura, tana rage maka lokaci ne maimakon ta ƙara. Maganar daƙiƙa goma tana iya barin bakwai kawai ga harshen da ya fi tsawo, saboda haka dole a taƙaita. Ba ta dace da umarnin haɗa magani ba, inda kowace kalma take da aiki.

Ta uku, wadda nake ba mafi yawan masu bidiyon wayar da kai da talla shawarar su ɗauka, ita ce a cire muryar asali gaba ɗaya a sa ta Hausa, a daidaita farkon kowace jimla da ƙarshenta kawai, ba tare da bin motsin leɓe ba. Ƙarfin wannan hanya yana fitowa ne idan aka yi rubutun dominta tun farko. Maimakon ma'aikaciyar lafiya ta fuskanci kyamara ta faɗi jimlar, sai a rubuta cewa a wannan wurin kyamara tana kan hannunta, tana yaga ƙulli, tana zubawa, tana juyawa, murya kuma tana fitowa daga gefe. Hoton hannu ana iya tsawaita shi da daƙiƙa biyu ba wanda zai lura, muddin mai ɗauka ya bar rara kafin aikin da bayansa. Yadda tela ke barin ƙyalle a cikin ɗinkin yaro don a warware idan ya girma, haka ake barin wannan rarar. Ma'aunin da na ga yana aiki shi ne, a bidiyon minti ɗaya, maganar Turanci kada ta wuce daƙiƙa 40. Idan ana karanta kalma 150 a minti, hakan na nufin kalma ɗari, ko ƙasa da haka in akwai alƙaluma da yawa. Kuma a rarraba shirun bayan kowace jimla. Shirun da aka tara a ƙarshe ba ya taimakon layin da ya matse a tsakiya.

Sai ta huɗu, daidaita murya da leɓe, wadda ta fi kowacce tsada da cin lokaci. Masu kallonmu sun san ta daga finafinan Indiya da ake fassarawa a Kano, irin na Algaita, da shirye-shiryen ƙasashen waje da Arewa24 ke ɗora wa murya. A nan mai fassara ba ya da ikon ƙara ko daƙiƙa ɗaya, domin bakin da ke allo shi ke yanke hukunci. Abin da ido ya fi kamawa shi ne lokacin da laɓɓa suka haɗu, wato a kan m da b da p, sai kuma buɗewar baki sosai, da farkon magana da ƙarshenta. Hausa tana da m da b da ɓ, kuma f ɗinmu a bakin mutane da yawa da leɓe biyu ake yin sa, har ya kusanci p, don haka akwai abin aiki. Wahalar tana ƙarshen jimla. Kalmomin Hausa galibi da wasali suke ƙarewa, baki a buɗe, alhali kalmar Turanci tana iya ƙarewa da m ko p, baki a rufe. Idan fuska ta cika allo, mai kallo zai ga bambancin ko da bai san sunansa ba.

Dubi abin da wannan hanya za ta yi wa jimlarmu. Ta asali da m ta fara, sai mai fassara ya nemi kalma mai m ya ce "Maza zuba…", ya ƙara gaggawar da ba ta cikin saƙon. Sannan ya matse sauran don su shiga daƙiƙa uku: "Zuba ƙulli guda a ruwa lita ɗaya" gaɓa 13 ne, ya kusa shiga. To amma "mai tsabta" ta faɗi, kuma a maganar yaro mai gudawa wannan ita ce kalmar da bai kamata ta faɗi ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba na son a saya wa bayanin lafiya ko kuɗi ko noma daidaita leɓe. Wasan kwaikwayo ne muhallinta, inda motsin rai ya fi ƙididdiga nauyi. Ko a can ma, marubuci ya riƙa ba fuskar da ta cika allo gajerun maganganu, dogon bayani kuma ya faɗo lokacin da kyamara take kan mai sauraro, ko daga nesa, ko mai magana ya juya baya.

Akwai wuraren da tsawo ke ɓuya wanda marubucin Turanci ba ya gani. Lambar waya ta Najeriya alƙaluma 11 ce. Da Turanci yawancinsu gaɓa ɗaya ɗaya ne, da Hausa kuwa daga ɗaya har tara kowanne gaɓa biyu ne, sifili kuma uku, ka ga aƙalla gaɓa 22 ke nan kafin a maimaita. Gara a rubuta lambar a allo a ce "ku kira wannan lamba". Haka gaisuwa: matar da ta shiga wurin ma'aikaciyar lafiya ba za ta faɗa cikin bayani babu sallama ba, kuma idan rubutun ya ba gaisuwa rabin daƙiƙa, fassarar za ta fito da rashin ladabin da ba a yi niyya ba. A gefen kowane layi kuma a rubuta da wa ake magana, domin kalma ɗaya ta Turanci tana iya zama ka ko ki ko ku, kuma mai fassarar da bai ga hoto ba sai dai ya yi hasashe. Idan bidiyon zai je Maradi ko Damagaram har a buƙaci na Faransanci, shi ma ya fi Turanci tsawo, sai a yi awo da harshen da ya fi kowanne cin lokaci.

Wani lokaci, idan mutum ɗaya ne ke magana a wuri ɗaya, sake ɗaukar bidiyon da Bahaushiya a rana guda, da fitilu da kayan da aka riga aka kafa, yana iya fin daidaita leɓe sauƙi. Ka sa a yi maka lissafin biyun kafin ka yanke.

Duk hanyar da ka zaɓa, ka rubuta a yarjejeniya cewa wanda ya ɗauki bidiyon zai ba ka sautin kiɗa da na motsi daban da na magana, da kwafin hoto marar rubutu a jiki, da takardar magana mai lokacin shiga da fita na kowane layi. Idan aka haɗe kiɗa da murya wuri guda, cire Turancin zai tafi da ƙarar zuba ruwa da kukan yaro, kuma sake gina su wani kuɗi ne. Kafin a kunna kyamara kuma, ka ba mai fassara rubutun, ya yi fassarar farko, ya karanta ta a bayyane ana duba agogon waya layi bayan layi. Duk layin da ya wuce lokacinsa, a raba shi biyu, ko a rage na Turancin, ko a mayar da shi kan hoton da ba baki a ciki. Situdiyon da za ka ba aikin kuma ka nemi su gwada maka wurin da ya fi cunkoso a bidiyon, ka saurare shi da lasifikar waya, ka duba ko "mai tsabta" tana nan.