Allurar da ta tashe shi da ƙwayar da ta kwantar da shi: wa ke riga wani barin jiki?

"Assalamu alaikum. Ƙanena ya haɗa tiramol da sirop, muka same shi kwance yana wani irin minshari, ba ya amsa kira. A asibiti aka yi masa allurar da suka kira naloksan, ko minti uku ba a yi ba ya buɗe ido har yana faɗa. Amma bayan kamar awa ɗaya ya sake komawa, sai da aka ƙara masa wata. Ta farkon jabu ce, ko lalacewa ta yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya kuma raba shi da wannan abu. Allurar da ta tashi mutum cikin minti uku ba jabu ba ce, aikinta ta yi daidai. Mu da ke aikin jinya muna zaman jiran abin da kika gani ne duk lokacin da aka yi ta, shi ya sa ba ma barin majinyaci ya tafi gida don kawai ya buɗe ido. Bari in jera miki su biyun kafaɗa da kafaɗa, ƙwayar da allurar, za ki ga inda suka rabu.

Tiramol, kodin ɗin da ke cikin sirop, mofin, fentazosin da hodar hiroyin duk dangi ɗaya ne, su ake kira ofiyod. Idan suka shiga jini sukan je su zauna a wasu gurabe na musamman da ke jikin ƙwayoyin jijiya, a ƙwaƙwalwa da laka da hanji. Zamansu a can ne ke kashe ciwo, yake kuma kawo barci. Matsalar ita ce irin waɗannan gurabe suna nan a gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ke kula da numfashi ba tare da mutum ya sani ba. A lafiyayyen jiki, da zarar gurɓatacciyar iska ta taru a jini, wannan wuri zai tilasta wa ƙirji ya ja numfashi. Ofiyod mai yawa yana dakushe wannan ji. Sai numfashi ya sauka daga sau 12 zuwa 20 a minti, wanda shi ne na babba mai lafiya, ya koma sau shida, sau huɗu, har ya tsaya. Wannan minsharin da kuka ji ba na barci mai daɗi ba ne, maƙogwaro ne ya saki. Rashin iska ne ke kashe mutum a nan, zuciya daga baya take tsayawa.

Ita kuma naloksan, gurbin nan dai take nema, kuma ta fi yawancin ofiyod ƙarfin kama shi. Tana zuwa sai ta ture ƙwayar ta zauna a wurin, amma ita ba ta kunna komai. Ba ta kashe ciwo, ba ta sa maye, ba ta sa barci. Wanda bai sha ofiyod ba, ko an yi masa ita kusan ba zai ji wani sauyi ba. Ta jijiya takan fara aiki cikin minti ɗaya zuwa biyu, ta tsoka ko feshin hanci cikin minti biyu zuwa biyar. Ƙaramar kwalbar da aka fi gani a asibitocinmu tana ɗauke da miligiram 0.4, kuma idan numfashi bai dawo ba ana maimaitawa duk bayan minti biyu zuwa uku. Ba sabon magani ba ne, tun 1971 aka amince da shi a Amurka, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

To ga inda mutane ke ruɗewa. Naloksan ba ta wanke jini. Ba ta fasa ƙwayar, ba ta fitar da ita ta fitsari, ba ta rage ko ɗigo ɗaya daga abin da ƙanenki ya haɗiya. Kamar a mota ce a tasha: wani ya zo ya tayar da fasinja daga kujera ya zauna, amma fasinjan bai sauka ba, yana tsaye a kansa. Wanda ya ƙwace kujerar kuma tafiyarsa gajera ce, nan gaba kaɗan zai sauka. Yana tashi, mai tsayuwar nan zai koma mazauninsa.

Gajertar tafiyar tana da dalili biyu. Na farko, naloksan na shiga ƙwaƙwalwa da sauri, kuma da irin wannan saurin take fita ta bazu sauran sassan jiki. Na biyu, hanta na sarrafa ta da gaggawa, har ma shi ya sa ba a ba da ita a haɗiya don ceto, domin hanta za ta cinye kusan dukkanta kafin ta kai jini. Jiki yana rage rabinta cikin kamar awa ɗaya, amfaninta kuma yakan tsaya tsakanin minti 30 zuwa 90. Tiramol kuwa sai ya yi kimanin awa shida kafin rabinsa ya tafi. Bugu da ƙari, hanta na juya wani kaso nasa zuwa wani sinadari da ya fi shi kansa ƙarfin kama gurbin, wanda kuma ya ɗan fi shi daɗewa.

A ce da ƙarfe tara na dare aka yi wa ƙanenki allurar, a kuma ƙaddara kowanne ya fara daga kashi 100. Lissafi ne na kusantarwa, amma siffar abin ke nan:

| Lokaci | Naloksan da ta rage | Tiramol da ya rage |
|---|---|---|
| 9:00 | 100 | 100 |
| 10:00 | 50 | 89 |
| 11:00 | 25 | 79 |
| 12:00 | 13 | 71 |
| 3:00 na dare | 2 | 50 |

Dubi layin ƙarfe goma. Nan ne daidai inda ya sake komawa. Rabin naloksan ya tafi, alhali ƙwayar kusan kashi tara cikin goma nata na nan daram. Kuma wannan jadawalin ya yi wa tiramol sassauci, domin ya ɗauka cewa duk abin da aka haɗiya ya riga ya shiga jini. Sau da yawa ba haka ba ne. Ofiyod na sa hanji ya yi sanyi, don haka ƙwayoyin da ke ciki suna ci gaba da narkewa a hankali, jini na ƙara sha daga gare su yayin da allurar ke ƙarewa. Ga kuma yawan abin. Likita ba ya wuce miligiram 400 na tiramol a yini guda ga babba, amma wanda ake sayarwa a ɓoye akwai mai 225 a ƙwaya ɗaya. Wanda ya watsa uku ya kora da sirop, ki lissafa da kanki. Idan ƙwayar ta yi yawa a jini, tun kafin naloksan ta ƙare gaba ɗaya ake fin ƙarfinta, saboda takara ce tsakaninsu, mai rinjaye ke zama.

Kodin da mofin sun fi tiramol saurin fita, awa biyu zuwa uku ne rabinsu ke tafiya, amma ko su sun ninka naloksan. Mesadon, wanda ake ba masu son rabuwa da ƙwaya, shi ne gwarzon daɗewa, yakan kai yini guda ko fiye kafin rabinsa ya ragu. Mai ciwon ƙoda kuma komai ya fi daɗewa a jikinsa.

Wannan ne ya sa a asibiti, idan mutum ya koma karo na biyu, likita kan daina bin sa da allura ɗaya-ɗaya ya sa naloksan a ƙarin ruwa tana ɗiga. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a duba adadin da ya dawo da numfashi, a riƙa ba da kashi biyu bisa uku nasa kowace awa. Idan miligiram 1.2 ne ya tashe shi, sai a sa 0.8 a awa, ana ƙarawa ko ragewa gwargwadon numfashinsa. Bayan allurar ƙarshe ana sa ido a kansa na awanni, ga ƙwayoyi masu daɗewa kuma sai an kwana. Na sha ganin dangi suna rigima a kan a sallami ɗansu tunda ga shi yana magana. Ban ga laifinsu ba, kuɗin gado ba wasa ba ne, amma a ganina babu sallamar da ta fi wannan haɗari. Yaro zai isa gida ya kwanta, kowa ya ce gajiya ce a bar shi ya huta.

Faɗan da kika ce ya tashi da shi ma yana da bayani. Jikin da ya saba da ofiyod, idan aka ture ƙwayar daga gurbinta farat ɗaya, sai ya shiga irin halin wanda ya yi kwanaki bai samu ba: amai, gumi, hamma, murɗar ciki, tsigar jiki na tashi, ga zafin rai. Shi ya sa ga wanda aka san ya daɗe yana sha, mukan fara da kaɗan idan hali ya bari. Abin da muke nema numfashi ne ya dawo sama da goma a minti, ba sai ya tashi zaune yana gaisawa da mutane ba. Babban abin tsoro a wannan ɗan lokaci shi ne ya lallaɓa ya ƙara haɗiyar wata don ya ji sauƙi. Ba zai ji komai ba, tunda gurbin a toshe yake, sai ya ƙara. Allurar na janyewa, tsohuwar da sabuwar su sauko masa tare.

Akwai kuma inda tiramol ya fita daban da 'yan uwansa. Wani ɓangare na aikinsa ne kawai ke bi ta gurbin ofiyod, sauran yana taɓa wasu sinadaran ƙwaƙwalwa ne daban, kuma ta nan ne yake jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Naloksan ba ta da iko da wannan ɓangare. Tana iya gyara numfashi, jijjigar kuma ta zo, wadda maganinta daban ne. Haka nan ba ta taɓa rochi, dayazifam ko giya. Wanda ya haɗa su da tiramol, allurar za ta ɗauke kason ofiyod ne kaɗai, ya rage cikin magagi. Duk da haka ana yin ta, domin ɗauke kaso ɗaya kan isa numfashi ya dawo.

Yanzu da kike jinyarsa, kada ki dogara da ko ya amsa kira. Ki kalli ƙirjinsa, ki ƙirga sau nawa yake ɗagawa a cikin minti ɗaya cikakke da agogon waya. Idan ya gaza goma, ko minsharin nan ya dawo, ko leɓɓansa da farcensa suka dushe suka yi toka-toka, ko kin girgiza shi bai farka ba, ki kira ma'aikaciyar jinya nan take. Ƙwayar idonsa ma takan tsuke ta zama kamar kan allura, sai dai da tiramol ba kullum ake ganin haka ba, don haka numfashin ne ma'auni. Ki kwantar da shi ta gefe saboda amai, kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri yana cikin magagi, huhu za su wuce. Idan kuma kun tsinci fankon ƙwayar ko kwalbar a ɗakinsa ko aljihunsa, ki kai wa likita yau ɗin nan, ki gaya masa da ƙarfe nawa aka gan shi lafiya na ƙarshe. Da waɗannan biyun zai yanke awa nawa ƙarin ruwan zai yi a hannunsa.