Inhela da sifesa ko babu sifesa: wanne ya dace da ɗan makaranta?

Matsalar inhelar fesawa, irin shuɗiyar nan ta salbutamol, maganin buɗe hanyar numfashi ga masu asma, ita ce daidaita lokaci. Idan babu sifesa, wato robar da ake jona mata, sai yaro ya girgiza inhelar, ya fitar da numfashi, ya kama bakinta da leɓɓansa, sannan ya danna a daidai lokacin da ya fara jan iska a hankali, ya riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10. Manya ma na kuskure a nan, balle yaron da ƙirjinsa ke kukan usur a filin wasa. Yawancin maganin sai ya tsaya a harshe da maƙogwaro. Idan kika ga hayaƙi na fita ta baki ko hanci, bai kai huhu ba.

Sifesa kuwa, robar nan mai kamar gora da ake jona wa inhela, tana riƙe feshin na ɗan lokaci, yaro ya ja a natse. A girgiza, a jona, a danna sau ɗaya tak, ya shaƙa ya fitar sau huɗu ko biyar. Idan likita ya rubuta feshi biyu, a jira kamar rabin minti, a sake girgizawa. Danna biyu a jere asarar magani ce, domin yana mannewa a jikin robar. Shi ya sa ma ake wanke ta da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe da kanta ba gogewa.

Aibinta girma ne, ba ta shiga aljihun yunifom. Duk da haka ni dai ina ganin a saka ta a jakar makaranta, musamman lokacin hunturu, malamin aji ya san inda take. Inhelar rigakafi kuma, wadda ake sha kullum don hana asma tashi, a kurkure baki bayan an sha.